Turkar awaki: inda ribar take fitowa da inda take zurarewa

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashin dabbobi ya yi sama a kasuwanninmu, kuma mutane da yawa, ma'aikata da matan aure da matasa, sun karkata ga turke awaki da fatan juya ɗan jarinsu. Sai dai labarin da ke fitowa daga masu yi bai zo ɗaya ba. Wani zai ce ya sayi bunsuru naira 40,000 ya sayar 70,000, wani kuma ya ce ya yi wata uku yana wahala, ko uwar kuɗinsa da ƙyar ya mayar. Dukansu suna iya faɗin gaskiya. Bambancin yana cikin abin da kowannensu ya sa a lissafi, da lokacin da ya saya, da lokacin da ya kai kara.

Me ake nufi da turka, me ake nufi da riba

Turka ita ce a sayo dabba, a killace ta ko a ɗaure ta a turke, a ciyar da ita na ɗan lokaci, yawanci wata biyu zuwa huɗu, sannan a sayar. Ta bambanta da kiwon uwaye, inda ake ajiye akuya tana haihuwa ana sayar da 'ya'yan. A turka maza ake nema: bunsuru, ko taure, wato wanda aka dandaƙe. A ƙasar Hausa abin da ya fi yawa shi ne jar akuyar Sakkwato, wadda a Nijar ake danganta ta da Maraɗi, sai kuma doguwar akuyar Sahel mai dogayen ƙafafu da ake samu a kasuwannin bakin iyaka irin su Maigatari.

Kalmar riba kuwa a nan ne ruɗanin yake farawa. Yawancin masu ba da labari suna cire kuɗin saye daga kuɗin sayarwa ne kawai, abin da ya rage su kira shi riba. Wannan rata ce kurum. Riba ita ce abin da ya saura bayan an fitar da abinci, magani, la'adar dillali, kuɗin kara, kuɗin mota zuwa da komawa, da asarar duk dabbar da ta mutu a hanya. Wanda bai rubuta kuɗin dusa ba saboda kullum kwano ɗaya yake aika yaro ya sayo, ba zai taɓa sanin nawa ta ci masa ba.

Akuya ba ta ƙiba da sauri

Abu na farko da ya kamata mai shiga wannan harka ya sani shi ne iyakar jikin dabbar. Jan bunsuru mai tasowa, idan yana samun abinci mai kyau kuma ba shi da tsutsa, yana ƙara kimanin giram 50 zuwa 80 a rana. Rago irin balami ko uda yana iya ninka wannan. Ma'ana, cikin kwana 90 bunsuru zai ƙara kilo biyar zuwa bakwai, ba fiye ba sai da wuya. Ga kuma halin akuya na tara kitse a cikin ciki, kewayen ƙoda da hanji, maimakon a bayanta, don haka ko ta ci ta ƙoshi ba ta cika ido kamar yadda rago ke yi.

A ɓangaren ci, akuya tana cin busasshen abinci kimanin kashi uku zuwa huɗu cikin ɗari na nauyinta kowace rana. Bunsuru mai kilo 20 zai ci wajen giram 700. Idan yana ƙara giram 65 a rana, sai ya ci abinci sama da kilo goma kafin ya ƙara kilo ɗaya na nauyi. Duk lissafin turka a kan wannan yake tsaye: nawa kilo goma na abinci ya tsaya maka, kuma nawa kasuwa ke biyan kilo ɗaya na akuya mai rai?

Lissafin bunsuru goma

Farashi yana canzawa daga kasuwa zuwa kasuwa, daga mako zuwa mako, saboda haka alƙaluman da ke tafe na misali ne. Mai karatu ya cire su ya sa na garinsu, tsarin lissafin ba zai canza ba.

A ce mutum ya je kara a tsakiyar Satumba ya sayi bunsuru goma, kowanne wajen kilo 17, a kan naira 40,000. Jarin saye ya zama 400,000. La'ada da kuɗin kara da motar da ta kawo su gida sun ci 15,000. Maganin tsutsa, allurar rigakafi, maganin ƙwari da ladan malamin dabbobi, 12,000.

Sai abinci. Kowane bunsuru yana samun giram 400 na harawa da giram 300 na haɗin dusa da tunkuza ko angurya a rana. A kwana 90, su goma za su ci kilo 360 na harawa da kilo 270 na haɗin. Idan harawa ta tsaya naira 200 kilo, ta ci 72,000. Haɗin dusa a kan 350 kilo ya kai wajen 95,000. Abinci kaɗai 167,000 ke nan, wato kusan naira 185 a kan kowane kai kullum. Gishiri, kanwa, ruwa da igiya, a sa 11,000. Ranar sayarwa akwai wata motar da wata la'adar, 15,000. Jimla duka, naira 620,000.

Wannan jimlar ta ba da lamba mafi muhimmanci a duk harkar: dole kowane bunsuru ya fita a kan 62,000 kafin mai shi ya mayar da kuɗinsa, ba tare da ya samu ko sisi ba.

Yanzu a duba abin da ƙibar ta kawo. Bayan wata uku kowanne ya tashi daga kilo 17 zuwa wajen 23. Lokacin saye, kilo ɗaya ya kama kusan naira 2,350. Da a ce kasuwa tana nan yadda aka bar ta, bunsuru mai kilo 23 zai yi wajen 54,000, su goma 540,000. An yi asarar 80,000, alhali babu wanda ya mutu, babu wanda ya yi ciwo, kuma duk sun yi ƙibar da ake sa rai. Dalilin a fili yake: an kashe naira 16,700 a bakin kowane ɗaya don ya ƙara kilo shida, kilo ɗaya ya tsaya kusan 2,800, kasuwa kuma tana biyan 2,350.

To, a ce an kai su kara a tsakiyar Disamba, lokacin da 'yan kasuwa ke loda awaki zuwa kudu domin Kirsimeti da sabuwar shekara, ciniki ya faɗa a kan 72,000 kowanne. An karɓi 720,000, riba 100,000, wajen kashi 16 cikin ɗari na abin da aka zuba. Wannan riba ce mai kyau a wata uku. Amma ya kamata a lura da inda ta fito. Tashin farashin lokaci ne ya kawo ta, tare da kyan gani da dabbar ta yi. Abincin ya riƙe awakin ne ya gyara su har suka isa wannan lokacin.

Daga nan ribar ba ta da kauri. Idan ɗaya ya mutu a ƙarshen wata na biyu, tara suka rage, kuɗin da za a karɓa 648,000 ne, ribar ba ta kai 35,000 ba. Idan biyu suka mutu an shiga asara. Idan akwai yaron da ake biya 10,000 a wata yana shara da ba da ruwa, 30,000 ta sake fita. Takin da aka tara yana rage wani abu, musamman ga mai gona ko wanda ke kusa da masu lambu, amma takin awaki goma na wata uku ba zai biya kuɗin bunsuru ɗaya ba.

Ribar tana farawa ne ranar saye

Tun da ƙibar kanta ba ta biyan kuɗin abincinta idan komai saye ake yi, abin da mutum ya zaɓa a kara yana da nauyi ƙwarai. Dabbar da ta fi dacewa ita ce mai babban ƙashi da tsawon jiki, wadda ta rame saboda ƙarancin abinci, ba saboda ciwo ba. Irin wannan idan ta samu abinci takan mayar da jiki da sauri a makonnin farko fiye da wadda dama a ƙoshe take, kuma an saye ta da farashin ramammiya.

Gane bambancin yunwa da ciwo shi ne gwanintar. Masu harkar sukan janye fatar idon ƙasa su duba: idan ja ce ko ruwan hoda akwai jini, idan ta yi fari fat tsutsa ta sha jinin dabbar. Sukan ɗaga wutsiya su ga ko akwai busasshen zawo, su duba hanci ko yana majina, su buɗe baki ko akwai gyambo a dasashi. Kumburi mai laushi a ƙarƙashin haɓa alamar tsutsa ce ko ciwon hanta da ya yi nisa. A bakin kuma ake gane shekaru: haƙoran gaba manya guda biyu suna fitowa ne bayan dabbar ta haura shekara ɗaya. Bunsuru mai manyan haƙora biyu yana da sauran girma a gabansa, wanda haƙoransa takwas suka cika har suka fara cinyewa kuwa abinci kawai zai ci. Araha ba ta ado, kuma a kara bunsurun da farashinsa ya faɗi ƙasa da na 'yan uwansa sosai yawanci akwai dalili.

Akwai kuma dabarar da ake yi wa sabon shiga: a ɗura wa dabba ruwa da dusa da safe kafin a kawo ta, cikinta ya cika tim. Mai saye ya taɓa gadon baya da ƙugu da cinya, nan ne nama yake, kada ciki ya ruɗe shi.

Abinci: kaka da bazara

Abinci ya ci kashi uku cikin huɗu na duk abin da aka kashe bayan kuɗin saye a misalin da ya gabata. Farashinsa kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Harawar wake da ta gyaɗa da kowar wake suna araha da kaka, daga Oktoba zuwa Nuwamba, sannan su yi ta hawa har bazara, lokacin da dami ɗaya kan ninka kuɗinsa. Wanda ya saya ya ɗora a kan rumfa ko rufin ɗaki tun kaka, da wanda ke saye ƙulli-ƙulli a watan Afrilu, sana'a ɗaya suke yi amma lissafinsu ya sha bamban.

Wannan ne ya sa manomi da matar da ke da dusar gero ta surfen gida suke ganin riba inda ma'aikacin birni ke ganin asara. A misalinmu, mai harawar gonarsa bai fitar da 72,000 daga aljihu ba. Masu lissafin tattalin arziki za su ce ai da ya sayar da harawar da ya karɓi wannan kuɗin, don haka dole a sa ta. Manomin kuma zai ce ya mayar da harawa kuɗi ta hanyar dabba, ya kuma samu taki. Duka biyun suna da hujja. Abin da ba daidai ba shi ne mutumin birni ya ji ribar manomi ya ɗauka tasa ma haka za ta kasance.

Ƙoƙarin gaggauta ƙiba ta hanyar cika wa dabba dusa da hatsi yana da haɗari biyu. Na farko, bunsurun da ya saba da ciyawa idan aka tura masa masara ko dusa mai yawa rana ɗaya, tumbinsa yana yin tsami, ya daina ci, ciki ya kumbura, ya kama zawo, wani lokaci ya mutu cikin kwana ɗaya ko biyu. Ana fara haɗin ne da ɗan kaɗan a riƙa ƙarawa cikin kwana goma zuwa mako biyu, kuma harawa ba ta yankewa. Na biyu, dusa zalla na tsawon lokaci tana haifar da tsakuwa a mafitsarar namiji, musamman taure. Alamarta dabbar ta riƙa yunƙurin fitsari tana kuka, yana fitowa ɗis-ɗis ko ya ƙi fitowa. Wadataccen ruwa, ɗan gishiri da harawar wake ko gyaɗa suna rage wannan.

Akuya kuma tana da tsantsani. Harawar da ta faɗi ƙasa ta taka, ba za ta ci ba. Wanda ke zuba abinci a ƙasa yana iya asarar kaso mai yawa na abin da ya saya ba tare da ya lura ba. Rataye harawa ko sa ta a komin da aka ɗaga yana cikin abubuwan da ke raba mai riba da marar riba.

Magani: ƙaramin kuɗi mai tsare babban jari

A misalin, magani 12,000 ne cikin 620,000, bai kai kashi biyu cikin ɗari ba, amma nan mutane suka fi yin ƙwauro. Babbar barazana ga awakin da aka tattaro daga kasuwa ita ce cutar PPR, wato annobar awaki da tumaki, wadda ke zuwa da zazzaɓi, majina da kwantsa, gyambon baki, tari da zawo mai wari. Tana bayyana ne kwana huɗu zuwa shida bayan kamuwa, shi ya sa dabba kan zo gida garau, bayan mako guda ta kwanta, sauran su biyo baya. Ƙwayar bairos ce, allurar kashe ƙwayoyin cuta ba ta kashe ta, sai dai ta taimaka wajen ciwon huhun da ke biyo baya. Rigakafinta akwai, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin ta. Sai dai tana buƙatar sanyi, kwalba ɗaya ta dabbobi masu yawa ce, kuma da an haɗa ta dole a yi amfani da ita cikin ɗan lokaci, don haka ya fi sauƙi maƙwabta su haɗu su kira malamin dabbobi rana ɗaya. Kariyarta ba ta kankama sai bayan kamar mako biyu zuwa uku, wanda ke nufin ware sababbin saye daga tsofaffi a wannan tsakanin wajibi ne.

Tsutsar ciki ba ta cika kisa farat ɗaya ba, ribar take ci a hankali. Bunsurun da aka saya a ƙarshen damina kusan tabbas yana ɗauke da ita, kuma duk abincin da aka ba shi kafin a yi masa magani raba shi suke yi. Ana ba da maganin a kwanakin farko, gwargwadon nauyin dabba. Ba da rabin awo don a yi tsimi yana barin tsutsar da rai, yana kuma sa ta saba da maganin. Idan sayarwa ta matso, akwai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba da ya kamata su wuce kafin a yanka dabbar da aka yi wa allura.

Inda masu harkar suka saɓa

Wasu na ganin a yi gajeriyar turka, kwana 45 zuwa 60, a juya kuɗi sau da yawa a shekara. Hujjarsu ita ce mafi yawan gyaruwar jiki tana faruwa ne a makonnin farko, bayan nan girma yana raguwa, ci kuma yana ƙaruwa. Masu doguwar turka suna cewa sai an sayi dabba tun da nisa kafin lokacin buƙata ake samun ta da araha, domin duk wanda ya shiga kara wata ɗaya kafin biki ya tarar farashi ya riga ya motsa. Lissafin yana ba kowa rabonsa: kowane ƙarin wata yana cin wajen 55,000 a kan kai goma, fiye da rabin ribar misalinmu. Tsawaita turka yana biya ne kawai idan ana sa ran farashin kowane bunsuru zai ƙaru da fiye da 5,500 a wannan watan. Wannan ma'aunin ne ya kamata mutum ya tuna ranar da aka taya masa ƙasa da abin da yake so, yana tunanin komawa da su gida.

Akwai saɓani kuma kan bunsuru da taure. Taure ya fi natsuwa, ba ya faɗa, ba ya wari, kuma masu suna da mahauta na gida sukan so shi. Bunsuru ya fi saurin girma, kuma masu saye da yawa daga kudu sun fi son sa. Amsar tana wurin wanda za a sayar wa. Haka batun rago: idan Babbar Sallah ake hari, rago ne ke jan kasuwa, kodayake tsadarsa takan tura masu ƙaramin ƙarfi ga akuya don layya. Awaki kuwa kasuwarsu ta fi tashi a Disamba da lokacin Ista, ga kuma buƙatar suna da mahauta da ba ta yankewa duk shekara.

Abin da hauhawar farashi ke ɓoyewa

Saura abu ɗaya da ke sa mutane ganin riba a hannu amma garkensu yana raguwa. A lokacin da komai ke tashi, wani ɓangare na ratar da ke tsakanin saye da sayarwa faɗuwar darajar naira ce kawai. Mai bunsuru goma da ya samu 100,000, idan ya koma Wudil ranar Juma'a ko Ɗambatta ranar Lahadi ya tarar irin waɗanda ya saya 40,000 sun koma 48,000, to 80,000 daga cikin ribar za ta tafi wajen mayar da kai goma a turke, kafin a zo maganar dusar da ita ma ta tashi. Idan ya riga ya kashe 100,000 ɗin a hidimar gida, zagaye na biyu da kai takwas zai fara.

Wannan ya fi shafar wanda ya ci bashi ko ya karɓi kuɗin wani aka yi yarjejeniyar raba riba. Kafin a ɗaure dabba ta farko ya kamata ɓangarorin biyu su rubuta wa zai ɗauki nauyin abinci, yadda za a yi idan dabba ta mutu, da ko za a fitar da duk abin da aka kashe kafin a raba. A misalin da ya gabata, rabin rata naira 160,000 ne, rabin riba kuma 50,000, kuma idan mai kiwon ne ya sayi abinci da aljihunsa aka raba rata, kasonsa na 160,000 bai ma kai 167,000 ɗin da ya kashe a kan harawa da dusa ba.